Firinta ta USB, ta wayar RJ45 ko ta wifi: wacce za ka saya a Yamai?

Masu shagon buga takardu a Yamai sun san wannan ciwon kai: firinta a kunne, ga takarda ga tawada, amma kwamfuta ta rubuta Hors connexion. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau, kwamfutar ce ke aika aiki ta hanyar da ba ta ɓullewa. Saboda haka kafin ka yi ciniki, juya bayan firintar ka ga irin ramukan da take da su.

In kwamfuta ɗaya gare ka, ɗauki ta USB ka huta. Wayarta dai kada ta wuce mita 5. Matsalarta ƙarama ce: wani lokaci in ka sauya ramin da kake soka ta, Windows sai ya ƙirƙiro wata firinta ta biyu a kan USB002, kai kuwa kana ta aika aiki ga tsohuwar da ke USB001. Shafin Ports cikin Propriétés de l'imprimante zai nuna maka inda take.

Ta wifi ita masu saye suka fi rububi, ni kuwa ita nake sawa a ƙarshe. Akwatin intanet ne ke ba ta adireshi, kuma bayan ɗaukewar wuta yana iya ba ta wani daban. A ce ranar da aka girka ta tana 192.168.1.20. Wuta ta dawo, wayar salular wani ta riga ta karɓe lambar, firinta ta koma 192.168.1.23, kwamfuta kuma tana can tana kiran tsohon adireshi. Ka sa firintar ta buga takardar bayanan haɗinta, ka ga lambar da take kai yanzu, sannan ka buɗe Invite de commandes a kwamfuta ka gwada:

```
ping 192.168.1.23
```

In ta amsa, to gyaran na cikin kwamfuta ne. Ka shiga Ports, ka danna Ajouter un port, ka zaɓi Standard TCP/IP Port, ka rubuta sabuwar lambar. In har yanzu ta ƙi, ka buɗe Configurer le port ka cire alamar SNMP, don shi ma yakan sa a ɗauka firinta ba ta nan. Don kada abin ya maimaitu, a ɗaure mata adireshi ɗaya daga cikin akwatin intanet ɗin. Ka kuma tambayi mai kanti ko tana kama wifi na 5 GHz, domin da yawa 2.4 GHz kaɗai suka sani.

Ofis mai kwamfuta uku ko huɗu, ta RJ45, wato wadda ake haɗawa da akwatin intanet ta waya, ta fi dacewa da shi. Ita ma sai an ɗaure mata adireshi, amma katangar siminti ba ta dame ta ba, wayar kuma tana kai mita 100. In ka samu mai RJ45 da USB a haɗe, ko da ta ɗan fi tsada, ita za ka ɗauka: ranar da akwatin intanet ya mutu, sai ka soka USB ka sallami masu jira.