Hattara da gidan motsa jikin da ke ci gaba da cire kuɗi bayan ka bar gari

Dabarar ba ta da wani zurfi. Mutum zai tashi, ya biya ta wurin ma'aikacin da ke karɓar baƙi ya ce ya daina zuwa, a ce masa "ba komai, an gama". Bayan wata uku ya duba bayanan asusunsa ya ga kuɗi na ta fita. In ya yi magana, sai a ce babu wata takarda da ta nuna ya soke. Wasu kuma "dakatarwa" suke rubuta masa a maimakon "sokewa", wa'adin dakatarwar na cika kuɗi ya ci gaba da tafiya.

Sau da yawa maganar baki ba ta soke yarjejeniya. Ka nemo takardar da ka sa wa hannu, ka karanta sashen sokewa: kwana nawa na sanarwa suke buƙata, ta wace hanya, kuma me suka ce game da ƙaura. Da yawa suna yarda a fita kafin wa'adi in sabon mazauninka ya yi nisa da rassansu, amma sai da shaida, kamar takardar haya ko wasiƙar canjin wurin aiki.

A wasiƙar sokewar da za ka rubuta musu, ka sa sunanka yadda yake a yarjejeniyar, da lambarka ta mamba, da ranar da ka ƙaura. Sannan ka faɗi magana a fili: "Na soke rajistata bisa sashe kaza na yarjejeniyarmu. Na janye izinin cire kuɗi daga katina bayan ranar kaza. Ku tabbatar mini a rubuce cikin kwana 14." Kada ka rubuta "ina so in soke", domin wannan roƙo ne, kuma za su iya cewa ba su amince ba. Ka aika ta gidan waya da rajista, a sa hannu a karɓa, ka tura kwafi ta imel, ka adana rasit.

Lissafin kwanaki shi ke rikita mutane. A ce ana cire kuɗi ranar 1 ga wata, sanarwa kuma kwana 30 ce daga ranar da suka karɓa. Wasiƙa ta isa 10 ga Maris, wa'adi ya cika 9 ga Afrilu. Kuɗin 1 ga Afrilu nasu ne. Na 1 ga Mayu kuwa ba su da hakki a kansa, shi za ka kai wa banki tare da kwafin wasiƙar da shaidar isarta, ka nemi a dawo da shi a kuma toshe cirewar. Ka hanzarta, bankuna suna da wa'adin karɓar irin wannan ƙorafi.

Kada ka tsaya a kan toshe kati kawai. Muddin ba a soke yarjejeniyar ba, kuɗin yana taruwa ne a matsayin bashi, su miƙa shi ga kamfanin karɓar bashi. Sabon kati ma ba lalle ya raba ka da su ba, don wasu bankunan suna tura bayanan sabon katin kai tsaye ga masu cire kuɗin wata-wata.