Magudanar ruwa a kasuwa: buɗaɗɗiya ko rufaffiya?

Masu shirin gyara kasuwannin unguwanni a Zariya suna yawan tambayata wace magudana ta fi dacewa a bi da ita tsakanin layukan rumfuna.

Buɗaɗɗiyar kwata ta fi araha, kuma idan ledoji da ruɓaɓɓen tumatir suka toshe ta, ido zai gani, a yashe da shebur. Sai dai tana cin faɗin hanya. Na ga layi mai mita huɗu da aka haƙa wa kwata gefe biyu, 'yan tebur suka matso tsakiya, har mai kura ba zai iya wucewa da buhunan masara ba, balle motar kashe gobara ta shiga.

Rufaffiya tana mayar da wannan fili, amma murfin kankare yana da tsada, kuma sai an zuba masa isasshen rodi a wurin sauke kaya, in ba haka ba tayar babbar mota ta farfasa shi. Toshewarta kuma ɓoyayyiya ce, sai ruwan Agusta ya tumbatso cikin rumfuna ake farga.

Buɗaɗɗiya ta dace da bayan rumfuna da gefen mahauta, inda ake wanki kullum. Rufaffiya mai murfin da ake ɗagawa ta dace da babbar hanya da mashigar motoci, muddin akwai masu yasa kafin damina.