Ido da na'urar hangen nesa: wanne ya fi raba abubuwa biyu da ke maƙwabtaka?

Tambaya: "Na sayi na'urar hangen nesa mai faɗin baki milimita 100. Da nawa ta fi idona tantance ƙananan abubuwa a jikin wata, kuma me ya sa hoton yake dusashewa idan na ƙara girmansa sosai?"

Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinta, kuma ido da na'urarka doka guda suke bi, tunda ƙofar kowannensu da'ira ce. Idan haske ya ratsa irin wannan ƙofa yakan ɗan bazu a gefenta, saboda haka tauraron da ya kamata ya fito ɗigo sai ya fito ɗan faifai mai haske da zobba marasa ƙarfi kewaye da shi, kamar yadda masanin taurari George Airy ya lissafa a 1835. Taurari biyu da faifansu suka hau juna sukan zama abu guda a wurin mai kallo. Ma'aunin da masanin kimiyya Lord Rayleigh ya kafa a 1879 ya ce ana iya raba su da ƙyar idan tsakiyar faifan ɗaya ta faɗa a kan zoben duhu na farko na ɗayan:

```
θ = 1.22 λ / D
```

A nan θ ita ce kusurwa mafi ƙanƙanta a ma'aunin radiyan, λ tsawon zangon haske, D kuma faɗin ƙofar. Ga koren haske mai nanomita 550, wanda ido ya fi ji, akwai gajeriyar hanya: a raba 138 da faɗin ƙofar a milimita, amsar za ta fito a sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri.

Mu fara da ido. Hudar da ke tsakiyar baƙin ido, idan tana da faɗin milimita 3, tana ba da sakan 46 a lissafi, amma lafiyayyen ido a aikace yakan tsaya ne a wajen sakan 60. Da yake wata yana nisan kusan kilomita 384,000 daga gare mu, wannan kusurwa daidai take da kilomita 110 da 'yan kai a doronsa, shi ya sa ido yake ganin manyan tabo masu duhu amma ramuka su ɓace masa. Na'urarka kuwa, 138 a raba da 100 ya ba da sakan 1.38, wanda a doron wata bai wuce kilomita 2.6 ba. Ke nan ta fi ido da ninki 43 ko kusa da haka. Hubble, na'urar hangen nesa da ke kewaya duniya a sararin samaniya, mai madubin mita 2.4, takan kai sakan 0.06, kimanin mita 110 a jikin wata, kuma ko ita ba za ta iya nuna tutar da 'yan sama-jannati suka kafa a can ba.

Daga wannan ninki 43 ne amsar tambayarka ta biyu take fitowa. Idan ka girmama hoton sau 43, mafi ƙanƙantar abin da na'urar ta raba ya kai girman da ido zai gani, kuma ninka hakan sau biyu zuwa huɗu yana sauƙaƙa kallo ba tare da ya ƙaro sabon abu ba. Bayan ninki 200, faifan Airy kawai kake kumburawa, hasken kuma yana raguwa. A ganina, duk kwalin ƙaramar na'ura da ya yi alkawarin ninki 500 bai cancanci a saurare shi ba, faɗin bakin ya kamata a fara dubawa.

Inda suka sha bamban shi ne abin da ke hana kowannensu cimma lissafin. Ido, cikasa a cikinsa yake. Da dare hudar takan buɗe har milimita 7, wanda a takarda zai ba da sakan 20, amma gefunan gilashin da ke cikin ƙwayar ido ba sa tattara haske daidai, kuma ƙwayoyin da ke karɓar hoto a bayan ido suna da tazarar da ba za a matse ta ba, don haka gani ba ya ƙara kaifi. Na'ura kuwa, cikasta galibi a waje yake, domin iskar da ke tsakaninta da sama tana motsi, kuma a yawancin wurare takan baza hoton tauraro zuwa sakan 2 ko 3, abin da ya riga ya wuce 1.38 ɗinka.

Gane wanda ke damunka ba shi da wuya. Ka saita na'urar a kan tauraro mai haske da ninki 150 ko sama. Idan ka ga ɗan faifai tsaye cak da zobe siriri kewaye da shi, ka isa iyakar bakin na'urar, ba kuma abin da zai ƙara maka sai wadda ta fi ta faɗi. Idan kuwa tauraron yana rawa kamar ana kallonsa ta saman murhu, iska ce, kuma hakan ya fi tsanani idan kana hange ta saman rufin kwano da ya sha rana yini guda, ko abin da kake kallo yana ƙasa-ƙasa a sararin sama. Ka fito da na'urar waje rabin awa kafin kallo domin ta huce, sannan ka jira watan ya ɗaga sama sosai.