Jakar da na yi wa kallon fata, da wadda baduku ya ɗinka mini a Kurmi

Wata takwas ke nan ina rataye da jakar da wani dattijon baduku ya ɗinka mini a Kasuwar Kurmi, kuma yanzu ne nake ganin na isa in ce wani abu a kanta. Amma sai na fara da wadda ta kai ni wurinsa.

Waccan na saye ta ne a wani shago mai gilashi da sanyin iyakwandishan, ba zan faɗi sunansa ba. Ruwan ƙasa ce, tana sheƙi, ga tambarin wani kamfanin waje an danna a gabanta. Yaron shagon ya ce fata ce zalla, har ya kara mini ita a hanci. Na shaƙa, na ji ƙamshi, na biya. Da hunturu ya shigo sai gefen maratayinta ya fara tsagewa, wani baƙin abu kamar roba yana ɓantarewa yana maƙale mini a kafaɗar riga. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka gyara ne na minti goma, na nufi Kurmi wajen dukawa.

Dattijon bai ko kalli tambarin ba. Ya sa farce ya ɗaga baƙin abin nan, ya ja, sai ga shi ya taho kamar ɓawon rake, tsawon ɗan yatsa. Ya miƙo mini maratayin ya ce, "Ɗan nan, duba nan ka gaya mini abin da ka gani." Na duba. Hawa uku ne: wata 'yar leda siririya a sama, wani abu mai laushi kamar soso a tsakiya, sannan farin yadi a ƙasa, har zarensa yana tsefewa. Na ce, "Baba, ai yadi ne." Ya ce, "To ka taɓa ganin akuya da yadi a cikinta?"

Wannan gefen shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi, shi ya sa zan daɗe a kansa. Fata idan aka yanka ta, bakin yankan abu guda ne daga sama har ƙasa. Ta wajen fuska a matse take, tana yin ƙasa tana ƙara sakwarkwacewa, ta zama wani gashi-gashi da ba shi da tsari, ba layin tsaye ba na kwance. Yadi kuwa saƙa ce, za ka ga zare ya gitta zare. Mai yin jabu ya san haka, don haka babu inda yake ƙoƙarin rufewa kamar gefe.

Ya nuna mini hanyoyin da ake gama gefen fata na gaskiya. Fatar da aka jeme da bagaruwa, irin ta majemanmu, tana karɓar guga: a rage kaifin bakin da wuƙa, a ɗan jiƙa shi, a yi ta murza shi da itace mai santsi, a bi da kakin zuma har ya kwanta ya yi duhu ya yi sheƙi. Ba a ɗora masa komai ba, fatar ce da kanta ta lafe, don haka babu abin da farce zai ɓantaro. Fata mai laushi da aka jeme da sinadari a masana'anta, irin na Challawa da Sharaɗa, ba ta gugawa haka. Ita ko dai a fere bakin ya yi siriri a naɗe shi ciki a ɗinke, ko a shafa masa fenti. Ke nan fenti a gefe ba laifi ba ne, manyan kamfanonin waje ma suna yi. Bambancin yana wajen yadda aka yi shi. Na kirki shafe-shafe ne siriri, a bari ya bushe, a goge da samfefa, a sake shafawa, har bakin ya yi ɗan tudu mai santsi wanda bai haura kan fuskar fatar ba. Na jabu kuwa sau ɗaya ake lafta shi da kauri, ya malalo gefe, wani wuri da 'yan ƙuraje na iska a jiki. Lanƙwasa maratayin ka saki sau biyar ko shida a wuri ɗaya. Idan fentin ya yi farin layi ko ya buɗe baki, iskar hunturun Kano za ta ƙarasa shi.

Sai ɗinki. Nan ne na so in nuna ni ma na san wani abu, na ce masa ai ɗinkin jakar tawa a miƙe yake sak. Ya yi dariya ya ɗauko tef irin na teloli, ya aza a kan layin, ya ce in ƙirga. A jikin jakar na samu ɗinki 5 a inci ɗaya. Ya matsa da tef ɗin wajen kwana, na samu 7. A ƙasan maratayi, inda duk nauyin yake, 4 ne. Sai ya ɗauko wata jaka da ya gama, na ƙirga a wuri uku, 7, 7, 7. A walat ɗinsa na aljihu kuma 9 ne, da zare siriri.

Abin da na fahimta shi ne yawan ba shi ne magana ba, daidaiton ne. Jaka mai kauri tana son ɗinki 6 ko 7 a inci da zare mai jiki, ƙaramin abu kamar walat yana ɗaukar 8 zuwa 10. Idan aka matse fiye da kima, hujin yakan yi kusa da juna har fatar ta yage ta bin layin, kamar takardar rasit da ake ɓallewa. Mai gaggawa kuma buɗe ɗinkin yake yi don keken ya yi gudu zare ya yi auki, kuma da ya iso kwana sai hannunsa ya rikice. Saboda haka kada ka ƙirga a tsakiyar jaka inda kowa yake iya miƙe layi. Ƙirga a kwana, da inda maratayi ya haɗu da jiki, da bakin zif.

Ya kuma juya mini jakar ya nuna bayan ɗinkin. Keke zare biyu yake aiki da shi, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar kaurin fatar. Idan ɗaya ya tsinke, kana ja sai layin ya bi ka. Ɗinkin hannu mai allura biyu kuwa, zare ɗaya ne da allura a kowane ƙarshe, suna wuce juna a kowane huji, don haka ko ɗinki ɗaya ya tsinke maƙwabtansa suna riƙe. Ba ina cewa duk ɗinkin keke jabu ba ne, yawancin jakunkuna masu kyau da keke aka ɗinka su. Amma idan an ce maka aikin hannu ne aka kuma caje ka kuɗin aikin hannu, bayan ɗinkin zai gaya maka.

Launin zare ma a bayan na gan shi. A fuska, zaren jakar tawa ruwan ƙasa ne daidai da jikinta. A ciki fari ne fat, kuma wuri-wuri farin ya leƙo sama kamar ɗigon gishiri, alamar ba a daidaita ƙarfin jan zaren keken ba. A hannun hagu na maratayin launin ya ɗan fi na dama ja, wato zare ya ƙare aka ɗauko wanda ya samu. Dattijon ya ce mai aikin da ya yarda da hannunsa ba ya tsoron farin zare a kan jar fata, domin duk karkata sai ta fito fili. Wanda bai yarda da kansa ba ya fi son zaren ya ɓace cikin launin jaka. Na yarda da shi rabi. Na ga jakunkuna masu kyau da zare launi ɗaya da fatar, zaɓi ne na ado. Abin da ba shi da uzuri shi ne launi biyu a layi ɗaya.

A ranar na bar masa tsohuwar, na ba da aikin sabuwa: jar fatar akuya a fuska, kirgi a maratayi da gindi, farin zare mai kaki, girman da zai ɗauki kwamfutata da 'yan takardu. Kuɗin bai kai na waccan ba, abin da har yau yake ba ni haushi.

To ya take bayan wata takwas? Ɗinki ko ɗaya bai saki ba. Na sake ƙirgawa da tef ɗin maiɗakina daren jiya, 7 ne a kwana, 7 a ƙasan maratayi, inda ya koma baya ɗinki uku ya ninka kafin ya yanke zaren. Idan ka zura ido za ka ga ɗinkin yana ɗan kwanciya gefe, kuma a baya akwai biyu ko uku da suka ɗan kauce layi. Hannun mutum ne, bai dame ni ba. Gefen maratayin ya ɗan tashi gashi a inda yake gugar kafaɗa, na murza masa kaki da bayan cokalin katako ya koma ya kwanta. Waccan da ta fara ɓarewa babu abin da za a murza.

Amma akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani. Ya ce mini mako biyu, sai da na yi sawu uku a wata guda, kullum "in sha Allahu jibi". Warin jima ya ɗauki kusan wata kafin ya lafa, har a ofis aka tambaye ni ko daga mayanka nake. Mafi muni, jan rinin yana zuba idan ya sha danshi. Ranar wata Juma'a da damina ruwa ya tare ni a Ƙofar Mata, na rungume jakar a ƙirji, na isa gida da jan tambari a farar shaddata wanda bai fita duka ba har yau. Zif ɗin da ya sa kuma na kasuwa ne mai arha, ya fara cijewa tun wata na uku. Da na koma na yi ƙorafi, sai ya ce, "Ɗan nan, ni fata na iya, ƙarfe ba ni na ƙera ba. Sayo wanda ranka yake so in sa maka." Na sayo a Sabon Gari, ya warware na da ya sa sabon, ya bi tsofaffin hujin ɗaya bayan ɗaya bai buɗe ko guda sabo ba. Bai karɓi ko sisi ba, sai dai ya ce in daina sa fararen kaya da ita idan hadari ya haɗu.