Duba kaya a bakin sito da dubawa a kan inji: ina bambancin?

Wani ya yi tambaya: "Tun da muna duba duk kayan da aka kawo mana kafin su shiga sito, me ya sa za a sake dubawa lokacin da ake aiki? Kuma kayan da aka killace ba su ne waɗanda aka ƙi ba?"

Ɗan'uwa, duban biyu ba laifi iri ɗaya suke kamawa ba. Na bakin sito yana kama laifin wanda ya kawo maka kaya, na kan inji kuwa naka laifin yake kamawa. Mu ɗauki masana'antar da ke zuba lemo a kwalba.

An kawo murafen kwalba 5,000 masu lambar rukuni ɗaya. Da an sauke su daga mota, a killace suke: an ƙirga, an shigar a littafi, amma ba wanda ya isa ya ɗebi ko kwali guda ya kai kan inji. Mai duba inganci ba zai bi dubu biyar ɗai-ɗai ba. A teburin ISO 2859-1, wato ƙa'idar ɗebar samfuri ta duniya, matakin dubawa na II, rukunin da ke tsakanin 3,201 da 10,000 ana ɗebar samfuri 200. Idan kun yi yarjejeniya da mai kawo kayan a kan AQL 1.0, wato iyakar aibin da za a lamunta kashi ɗaya cikin ɗari ne, to murafe biyar masu aibi ko ƙasa da haka, an karɓi rukunin. Shida, an ƙi shi baki ɗaya. Sai dai a tsinto samfurin daga kwalaye daban-daban, har da na ƙasa da na can ciki, don kwalin da ke sama shi ne wanda kowa ya san za a buɗe.

Ka lura, wannan hukunci a kan rukuni aka yanke shi. Rukunin da aka karɓa yana iya ɗauke da murafe masu tsaga da hannu bai kai gare su ba. Kuma ko da dukkansu lafiya lau suke, duban bakin sito bai san halin da injin ɗaure murfi zai tashi da shi gobe ba.

A kan inji lissafin lokaci ake yi. A ce layin yana fitar da kwalba 2,000 a awa, kuma duk rabin awa ana zare biyar a auna ƙarfin ɗaurin murfinsu. Na ƙarfe 10:00 sun yi daidai, na 10:30 biyu sun yi sako-sako. Ba waɗannan biyun kaɗai za a ware ba. Duk abin da ya fito tun daga duban ƙarshe da ya yi kyau abin zargi ne, wato kwalba 1,000. A tsayar da layi, a gyara kan injin, a duba kwalaben farko bayan gyara, sannan a ci gaba. Da bayan awa bibbiyu ake dubawa, da kwalba 4,000 ake magana. A ganina tazarar dubawa ta fi yawan samfurin muhimmanci a nan.

Killacewa kuwa na nufin ba a yanke hukunci ba tukuna. Kayan na iya fitowa lafiya, ko a tace su a fitar da masu kyau, ko a karɓe su da rubutaccen izini idan aibin bai taɓa aiki ba. Waɗanda aka ƙi an gama da su, saura inda za su. A bakin sito ana mayar wa mai su da rahoton aibin, asarar tasa ce. A kan inji babu wanda za ka mayar wa, domin ka riga ka zuba lemo, wuta da ƙwadago: ko a sake ɗaure murafen, ko a zubar. Shi ya sa ake raba musu wuri da alama, galibi rawaya ga wanda ke jira, ja ga wanda aka ƙi. In ka haɗa su a lungu ɗaya, ranar da murfi ya yanke wa masu aikin dare, za su ɗebi wanda ya fi kusa da hannu.

Idan da manhajar SAP kuke aiki, akwai tarko. Nau'in dubawa 01 yana jefa kayan da aka karɓa cikin hajar da ke jiran dubawa, ba sa fita sai an yanke hukunci a shafin QA11. Nau'i 03 na lokacin aiki kuwa ba ya riƙe haja, sakamako kawai yake rubutawa. Saboda haka kwalaben nan 1,000, in an shigar da su sito babu nau'i 04, mai riƙe kayan da suka fito daga layi, kwamfuta za ta nuna su a matsayin na sayarwa, ko da an zagaye su da tef. Sai wani ya toshe su da kansa da lambar motsi 344, kafin mai lodi ya buga takardar fitar da kaya.