Akwatin zaɓi ko kulle gurbi: wanne ke tsare fom?

A wata ƙungiyar manoma a Maradi, ma'aikatan da ke fita ƙauyuka suna cike sunan gari a Excel yadda kowa ya ga dama: wannan Tessaoua, wancan Tasawa, wani Tesawa. Ranar haɗa lissafin buhunan gero, gari ɗaya ya zama uku.

Akwatin zaɓi ne maganin wannan, wato jerin sunaye da ke fitowa a gurbi don mutum ya zaɓa maimakon ya rubuta. Ka jera Tessaoua, Dakoro, Madarounfa da sauransu a wani shafi, ka shiga Data Validation, ka zaɓi List, ka nuna jerin. Ka bar Error Alert a kan Stop. In ka sa Warning, mutum zai danna Yes ya wuce abinsa. Sai dai akwatin zaɓi yana da rauni babba: abin da mutum ya buga da hannunsa kaɗai yake tarewa. Wanda ya kwafo gurbi daga wani fayil ya liƙa, ya shafe dokar gaba ɗaya, kuma ba gargaɗi. Za ka gane idan ƙaramar kibiyar zaɓi da ke gefen gurbin ta ɓace.

Kulle gurbi aikinsa daban. Ka cire alamar Locked daga guraben da za a cike, sannan ka danna Protect Sheet. Lissafin jimla ya tsira daga hannun masu karambani, amma gurbin da ka buɗe, ko "goma" aka rubuta maimakon 10 zai karɓa.

Ni dai in dole ɗaya ne, akwatin zaɓi zan ɗauka. Amma haɗa su nake yi, in kuma roƙi ma'aikata su daina liƙe-liƙe, tunda ko an kulle, gurbin da ke buɗe yana karɓar liƙi.