Kujerar da na biya wa ƙarin kuɗi daga Madina zuwa Kano

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Madina, kuma duk shekara nakan je gida Kano. Bana sai tafiyar ta zo da mahaifiyata, wadda ta zo Umara ta zauna wajenmu wata guda. Tikitinmu na sauya jirgi ne a Jidda, tazarar awa ɗaya da minti ashirin tsakanin sauka da tashi. Wannan ne ya sa a karon farko na biya kuɗin zaɓen kujera a manhajar kamfanin, maimakon in bar su su jefa mu inda suka ga dama.

Kuskurena na farko son rai ne. Na ga kujerun layin ƙofar gaggawa, masu filin miƙe ƙafa, na ce ai Hajiya da ciwon gwiwa nan ya dace da ita. Manhajar ta fito da sharuɗɗa, na danna amincewa ban karanta ba. Da muka isa kanta a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, ma'aikacin ya ga an turo ta a keken guragu, nan take ya ce sam ba za ta zauna nan ba. Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa. Wanda ke wannan layi shi ake sa ran zai buɗe ƙofa idan wani abu ya faru, kuma a wasu jiragen ƙofar kan fiffike ciro ta ake yi gaba ɗaya da hannu. Dole ya zama mai ƙarfin jiki, mai gani da ji sosai, mai fahimtar harshen da ma'aikatan jirgi ke ba da umarni da shi. Hajiya ba ta jin Larabci balle Turanci. Ba a sa yara, ba a sa mai goyo, ba a sa wanda ke kula da wani mai buƙatar taimako, wato ni ma na fita. Laifin da nake ba manhajar shi ne ta karɓi kuɗina alhali a cikin tikitin na riga na nemi keken guragu. Ya kamata ta rufe mini waɗannan kujeru tun farko. Kuɗin bai dawo ba har yau.

Ma'aikacin ya mayar da mu layi na takwas, kusa da gaba, kuma wannan shi ya cece mu. Jirgin ƙarami ne, kujeru uku dama uku hagu, hanya ɗaya a tsakiya. Daga Madina zuwa Jidda kusan awa ɗaya ne, amma mun tashi da jinkirin minti ashirin da biyar. Lissafin da mutane ba sa yi shi ne, ana rufe ƙofar shiga jirgi kafin lokacin da ke kan tikiti, sau da yawa da minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ga layin buga fasfo na fita ƙasa a Jidda, ga tafiya mai nisa a sabon ginin. Cikin irin wannan jirgi, wanda ke can baya sai ya jira kowa ya sauke jakarsa, minti goma ko fiye. Hajiya ta ce, "Kai dai kama ni, zan taka zuwa ƙofa." Da mun jira a zo a ɗauke ta daga kujera, sai kowa ya fita tukuna. Muka fita cikin na farko, muka tarar da mai keken a bakin ƙofa. Mun isa ƙofar jirgin Kano ana kiran ƙarshe.

Amfanin gaba yana da iyaka. Idan jirgi ya tsaya nesa aka kawo bas, wanda ya fara shiga bas ɗin shi ke jira ya cika, wani lokaci ma shi ne na ƙarshen sauka.

A zangon Kano, mai sama da awa huɗu, ban nemi gaba ba, gefen hanya na nema mata. Tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, kuma likita ya ce ta riƙa tashi tana takawa saboda kumburin ƙafa. Da taga ce, kunya ba za ta bar ta ta tashi baƙo sau uku ba, sai dai ta daure, ta ƙi shan ruwa. Ni na zauna a tsakiya, kafaɗata ta zama matashinta. Illar gefen hanya ita ce keken abinci ya bugi gwiwar hannunta sau ɗaya, har ta ce "wash". Da ni kaɗai ne, taga zan ɗauka, in jingina kai in yi barci har Kano.

Zan biya kuɗin layin gaba duk lokacin da tazarar Jidda ta gaza awa biyu. Idan ta fi haka, riyal ɗina ya zauna a aljihuna. Layin ƙofar gaggawa kuwa sai ranar da nake tafiya ni kaɗai.